Kwalin Maganin Ruaha Mbuyuni

Ranar Talata ce, cikin Afrilu, ruwa yana ta zuba tun asuba bai ɗauke ba. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan ne da ke shiga wuyan riga ya kwana a ƙashi. Kwana biyu ke nan mura na cina. Na shigo Ruaha Mbuyuni wajen ƙarfe goma sha ɗaya da buhun taki ɗari shida a bayana, hancina a toshe, idanuna suna ruwa, ga tirelar Lusajo tana bin tawa kamar yadda ta biyo ta tun daga tashar jiragen ruwa ta Dar.

Mu biyu muke wa Mzee Kihwele tuƙi a hanyar Mbeya. Motocinsa huɗu ne, duk tsofaffi, sai ta biyar da ta iso makon da ya wuce, fara fat, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Tana tsaye a garejinsa na Kurasini ba a ba kowa makullinta ba. Ranar da za mu tashi ya ce da mu, “In kun sauke takin nan kun dawo, zan faɗi wanda zai hau ta.” Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ce tsere ba ne. Ni ne na mai da shi tsere a raina tun kafin mu wuce Kibaha.

Shekarata biyar a wurinsa. Lusajo biyu. Na bar makaranta ina ajin farko na sakandare domin zaman benci ba ya karɓata, na yi wankin mota, na yi facin taya, na koyi juya tirela da baya a lungun da ko babur sai ya yi tunani. Shi kuwa ya gama sakandare har da takarda, yana da ɗan littafi da yake rubuta man da ya sha da kilomitar da ya ci, kuma in Mzee ya sami wasiƙar Turanci shi yake kira. Ina tsaye da maƙullin taya a hannu zan ji an ce, “Ina Lusajo? Zo ka duba mana wannan.” Ba a taɓa cewa ina Mashaka ba sai in mota ta maƙale a laka. Shi ya sa na sa masa Furofesa. Abin haushi, sunan bai dame shi ba, amsawa yake yi.

Na faka a gaban rumfar Mwajabu, mai sayar da abinci, inda direbobinmu suka saba tsayawa. Kafin in zauna na tsallaka titi zuwa wani ɗan kemis. Yarinyar da ke ciki tana waya, ta danne ta da kafaɗa.

“Maganin mura, mai ƙarfi,” na ce. “Da na tari na ruwa.”

Ta miƙo kwali mai ruwan ɗorawa da kwalba, ta rubuta ɗaya sau uku a bayan kwalin da biro, ta ci gaba da wayarta. Ba ta tambaye ni aikina ba, ni ma ban faɗa ba.

A rumfa na tarar da Lusajo ya riga ya zauna, Mwajabu ta sa masa ugali, tuwon masara, da naman akuya. Na lura da yawan naman. Kusa da shi akwai Ngonyani, wani tsohon direban tankar mai da ya fi shekara talatin a hanyar nan, yana busa shayinsa.

“Mashaka, wannan hancin naka ko famfon tasha,” in ji Mwajabu. “Kada ka ɗiga mini a miya.”

“Yaya, ki zuba mini irin na Furofesa. Ko sai mai takarda ake wa wannan cika?”

“Shi gaishe ni yake yi kafin ya ce a zuba.”

Ngonyani ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na ajiye kwalin da kwalbar a kan tebur. Ban ankara ba Lusajo ya goge hannu a wandonsa ya ɗauki kwalin. Haka yake, ko takardar da aka naɗe gyaɗa da ita ce sai ya karanta. Ya juya shi, ya kawo kusa da ido, ya ajiye, ya ɗauki kwalbar.

“Ɗan'uwa, wannan kada ka sha shi yanzu.”

“To, likita.”

“Da gaske nake. Ga shi nan an rubuta, yana iya sa barci, wanda ya sha kada ya tuƙa mota, kada ya yi aiki da inji. Kwalbar ma haka aka rubuta. Akwai abin da ke busar da majina a cikinsu duka biyu, shi ke kawo barcin. In ka haɗa su ka ninka.”

Ya nuna mini wurin da farce. Rubutu ne ƙanana kamar ƙafar tururuwa, da Turanci. Na kalle shi na ɗan lokaci don kada a ce ban duba ba. Kalma ɗaya na gane, ita ce ta tuƙi. Na ji kunnuwana sun yi zafi, domin Mwajabu ta daina juya tukunya tana kallonmu.

“Wannan gargaɗin na 'yan ofis ne,” in ji Ngonyani. “Masu kwanciya ƙarfe tara. Direba kuwa ƙwaya biyu yake haɗiya, ya bi da gahawa mai ɗaci kofi biyu, shi ke nan sun kashe juna. Ni tun kafin a haife ku nake haka.”

“Baba, gahawa ido take buɗewa,” in ji Lusajo. “Ba ta cire maganin daga jini.”

“Ka ji ɗan boko.”

Lusajo ya juyo gare ni, ya rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba. “Ka koma ka ce mata tuƙi kake, akwai wanda ba ya sa barci. Ko ka sha na ciwon kai kawai, ka bar wannan sai mun isa Makambako za ka kwanta. In kuma ka matsu ka sha yanzu, to ka kwana nan, gobe ka taso. Ni zan gaya wa Mzee ba ka da lafiya.”

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta gama da ni. Na hango shi yana shiga Mbeya shi kaɗai, yana sauke kaya, yana buga waya Kurasini da muryar nan tasa mai sanyi: Mashaka ba shi da lafiya, na baro shi a hanya. Na hango farar motar, da shi a ciki yana yage ledar kujera, ɗan littafinsa a kan gaban mota.

“Ashe,” na ce. “In kwana nan. Kai kuma ka wuce.”

“Ba haka nake nufi ba.”

“Na san abin da kake nufi, Furofesa. Ka iya karatu, ni ma na iya karanta mutum.”

Na ɓalle ƙwaya biyu na jefa baki. Na buɗe kwalbar na kurɓa daga bakinta, ban nemi ɗan murfin awo ba. Mwajabu ta ce, “Kai dai ba ka jin magana,” ta ajiye mini abinci. Na cinye tas, na sha gahawa kofi biyu kamar yadda Ngonyani ya ce, ina kallon Lusajo ta saman kofin. Ya bar sauran namansa a kwano.

Na riga shi tashi. Na zaga motar na daddaki tayoyi, na ja igiyar tamfol, na hau.

Rabin awar farko daɗi na ji. Hancina ya buɗe, atishawa ta tsaya, na ji iska na shiga har ƙasan ƙirji. Na kunna rediyo ina bin waƙa. Kukoki suna wucewa dama da hagu cikin yayyafi, kogi ya cika ya yi ja. Na ce a raina, ga shi nan, barcin da aka rubuta da Turanci bai san hanyar Ruaha ba. A madubi ina ganin koriyar tirelar Lusajo can baya, ya kunna fitilu.

Abin da ya fara zuwa ba barci ba ne. Bakina ne ya bushe, harshena ya manne a ganɗa. Na sha ruwa bai jiƙe ba. Sai hannuwana suka yi nauyi a kan sitiyari, nauyi mai daɗi, kamar wanda ya yi wanka da ruwan zafi. Na wuce wani ƙauye, sai da motar ta yi tsalle a kan tudun rage gudu na tuna akwai shi, alhali na fi sau ɗari ina taka shi. Na ce ruwa ne ya rufe fentin.

Wayata ta yi ƙara. Furofesa. Na bar ta ta gaji. Ta sake. Na kife ta a kan kujera.

Hawan Kitonga ya taimake ni. Wanda ya san dutsen nan ya san ba a yin wasa a kansa: kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, mota mai tan talatin tana rarrafe a ƙaramar giya tana kuka. Tsoro ya riƙe mini ido. Na sauke gilashi ruwa na dukan fuskata, ina cizon leɓe. Sau ɗaya na nemi giya na makara, motar ta yi kamar za ta tsaya, na samu na cafke ta. Wannan ko sabon direba ba ya yi. Na leƙa madubi in ga ko Lusajo ya gani. Yana nan, ya matso sosai.

Da na fito saman dutsen na ji kamar na ci jarrabawa. Hanya ta miƙe, gonakin tumatir da masara suka buɗe, ruwa ya ragu. Na ɗaga gilashi domin sanyi ya fara shigata. Ɗumin injin ya taso daga ƙasa. Abin goge gilashi yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa.

Na ji hon a bayana, dogo. Na duba, Lusajo ne yana walƙa mini fitila, ya fito da hannu ta taga yana nuna gefen hanya. Abin da na fahimta shi ne in kauce ya wuce. Na yi dariya ni kaɗai. Ya bi ni tun daga Dar, sai yanzu da aka gama wahalar dutse yake son gaba. Ya leƙo ta dama, na matsa dama na tare. Ya koma, ya sake danna hon. Na ƙara taka totur.

Daga baya ya gaya mini cewa tun kafin mu hau dutse motata take lilo, tana taka layin tsakiya tana dawowa, kuma a saman dutsen sau biyu tayoyin bayana suna sauka daga kwalta. So yake ya sha gabana ya rage gudu a hankali har ya tilasta mini tsayawa. Ni ban san motar tana lilo ba. A ganina a miƙe nake tafiya, tuƙin da ban taɓa yin mai kyau irinsa ba.

Abin da na tuna na ƙarshe shi ne wani allon talla mai hoton buhun iri. Ina kallonsa yana matsowa. Ban tuna na rufe ido ba. Ban ji nauyin fatar ido ba, ban yi hamma ba, ban gyaɗa kai ba. Allon yana gabana, sai kuma babu allon, sai ganye kore cike da gilashi da wata ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse.

Motar ta sauka ta hagu, tayoyin gaba suka faɗa lambatu, kan motar ya karkace, bodin ya biyo baya ya kwanta a kan gefensa a hankali, kamar saniya. Bakina ya daki sitiyari. Na ji igiyoyin tamfol suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, sannan buhuna suka fara zubowa.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ne na rana. Kusa da Ilula, a gonar tumatir ɗin wata mata, taku ashirin daga rumfar da 'ya'yanta mata biyu suke zaune da bokitan tumatir suna jiran masu saye. Taku ashirin ɗin na auna su da ƙafata daga baya.

Lusajo ne ya hau gefen motar ya buɗe ƙofar da ta koma sama. Ya miƙo hannu.

“Kashe injin tukuna. Ka ji ni? Mashaka, kashe injin. Yauwa. Ƙafarka na motsi?”

Ya jawo ni. Na zauna a kan ciyawa jiƙaƙƙiya, jini na zuba a rigata, na tofar da haƙora biyu a tafin hannu ina kallonsu. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, a wannan zaman, ga mota a kwance, ga mutane suna gudowa, ga mai gonar tana kuka tana kiran sunan 'ya'yanta, barci nake ji. Kaina yana saukowa ƙirji ina ɗago shi.

Lusajo bai tsaya kaina ba. Ya sa alamar haɗari a hanya gaba da baya, ya karyo rassa ya jera, ya kwance ragowar tamfol da ke motarsa, ya tara samarin ƙauyen suka fara jan buhunan da ba su fashe ba suna rufewa. Ruwa ya dawo da ƙarfi. Takin nan fari ne kamar gishiri, kuma kamar gishiri yake narkewa. Ina kallon buhunan da suka fashe suna zama ruwa suna bin kunyoyin matar. Ta tsaya a kansu ta ce da ni, “Ɗana, wannan zai ƙone mini shukar har saiwa.”

A asibitin garin aka ɗinke mini leɓe. Ma'aikaciyar jinyar, wata mai tabarau a kan hanci, ta tambaye ni abin da na sha. Na ce giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Ta ce ba giya ta tambaya ba. Na lalubo kwalin daga aljihu, ya jiƙe ya lanƙwashe. Ta duba.

“Nawa?”

“Biyu. Da na ruwa kaɗan.”

“Kaɗan da murfi, ko kaɗan da baki?”

“Da baki,” na ce.

“Kuma ka bi da gahawa. Duk haka kuke. Wannan yakan ɗauki awa biyu ko uku kafin ya kai ƙarfinsa, lokacin kun yi nisa kun manta kun sha. Kuma ba sai ka ji barci ba, tun kafin nan hannunka da idonka sun yi sanyi ba ka sani ba. Wani har washegari bai gama sakinsa ba.” Ta miƙo mini kwalin. “Babu wanda ya karanta maka?”

“An karanta mini.”

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da naɗe bandeji.

Mzee Kihwele ya iso washegari da hantsi a motar haya, ya kawo mai janwe daga Iringa. Ya zaga motar sau biyu, hannuwansa a baya. Ya tsuguna ya duba alamar taya a kan laka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tuƙi kafin ya sayi motarsa ta farko, ba sai an gaya masa babu alamar birki ba.

“Mashaka, me ya faru?”

Na kwana ina shirya amsa. Santsi. Akuya ta gitta. Sitiyari ya ƙwace. Kafin in buɗe baki Mzee ya juya ga Lusajo. “Kai kana bayansa. Me ka gani?”

“Na ga ta sauka, Mzee,” in ji Lusajo. “Ana ruwa.”

Ya tsaya nan, yana kallon takalminsa. Ya bar mini ƙofa a buɗe in bi in fita, kuma na san in na bi ta, duk ranar da muka haɗu a rumfar Mwajabu sai na sunkuyar da kai. Ga takarda, ga farar mota, yanzu kuma ga alheri zai ɗora mini a ka. Na ji ba zan iya ɗaukar wannan ba. Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina ba.

Na ciro kwalin na miƙa wa Mzee. “Barci na yi. Wannan na sha a Ruaha. Ya karanta mini, ya ce kada in sha, na sha. Ya yi ta kirana ban ɗauka ba.”

Mzee ya juya kwalin, ya nisanta shi da ido, ya kasa ganin rubutun. Ya buɗe baki zai ce ina Lusajo, sai ya fasa, ya sa kwalin a aljihun rigarsa.

“Ka san wa na yi niyyar ba motar?” ya ce.

“Kada ka gaya mini, Mzee.”

Bai gaya mini ba. Har yau ban sani ba, kuma nakan juya abin a raina fiye da yadda ya kamata.

Bai kore ni ba. Ya mai da ni gareji, wajen taya, inda na fara. Ranar da Lusajo zai fita da farar motar karo na farko ni na auna masa iskar tayoyi. Ya leƙo ta taga ya ce, “In na dawo ka kawo kwalayen magani, in nuna maka kalmomin gargaɗin. Ba su fi biyar ba.” Na ce na ji. Ledar kujerar tana nan bai cire ba, wai kada ta yi datti. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwanar bakin gareji. Da ya dawo na kai masa kwalayen. Shida ne kalmomin, na gaya masa ya yi kuskuren lissafi.

Yanzu ko maganin ciwon ciki zan saya sai na ce wa mai kemis tuƙi nake yi, ko da yake wata bakwai ke nan ban riƙe sitiyari a kan hanya ba. Ngonyani, na ji, yana nan yana haɗiyar biyu-biyu.

Abin da ya salwanta: buhun taki ɗari biyu da goma sha huɗu. Gilashin gaba, madubin hagu, tankin mai ɗaya, tamfol ɗaya. Kunya goma sha ɗaya na tumatir ɗin matar, da shukar da za ta yi a wurin a kakar da ta biyo. Haƙorina biyu na sama. Hanyar Mbeya. Farar mota ɗaya.